Yafiyar da Mushe ya nema ranar da ya ajiye alli

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, wani dattijon malami da ya koyar da ni a wani ƙauye na karkarar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, ya yi ritaya. An ɗauke shi hoto a bakin ajinsa, shi kuma ya rubuta ƴan layuka a ƙarƙashin hoton. Ya gode wa abokan aiki, ya sa wa ɗalibansa da suka zama ma'aikata albarka. Daga nan sai ya juya ga waɗanda suka yi shekara biyu ko uku a gabansa suka fita ba su iya karanta sunansu ba. Ya ce su ne yake neman yafiyarsu, domin ya ga alamar za su ɓace masa tun da wuri, amma ya bi masu ɗaga hannu ya ƙyale su.

Wasu abokan aikinmu ba su ji daɗi ba. Sun ce ranar karramawa ce, don me Mushe zai tona wa kansa asiri, ya kuma ba iyaye sandar dukanmu? Ni dai ina ganin a duk saƙonnin bankwana da na karanta, wannan ne ya koya mini wani abu.

Kowane mai ritaya yakan ce wanda na ɓata wa ya yafe mini. Magana ce mai kyau, amma ba ta nuna wa na baya ramin da zai kauce wa. Mushe ya faɗi laifin da sunansa, ni kuma da na karanta sai na gane nawa ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya shigo aji ɗaya ba ya jin komai sai Hausa, a tarbe shi da Faransanci. Malami ya karanta layin da ke kan allo, aji ya amsa baki ɗaya. Muryoyi su cika ɗaki, malami ya ɗauka an gane, alhali rabin ajin hadda suka yi. Gane wannan ba wuya. A kira yaro shi kaɗai, a nuna masa kalma daga tsakiyar layi, ko a juya masa gaɓoɓi, inda ya saba ganin "ba" kafin "bi" a fara da "bi". Mai karatu zai karanta, mai hadda zai koma farkon layi ya rero. Bayan saƙon Mushe na gwada haka a ajina na biyu. Wata yarinya da nake yabo saboda ƙarfin muryarta ta kasa karanta kalma ko ɗaya. Wata shida tana gabana ban sani ba.

Na yarda ba duka laifin malami ba ne. Ana buɗe makarantu a Oktoba, lokacin da yara da yawa ke gona wajen girbi. Ajin da rumfa ce sai an samu kara bayan girbi kafin a kafa ta, ruwan farko kuma ya tashe ta. Kowa a jihar nan yana tuna gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi a Nuwamban 2021, ta halaka yara fiye da ashirin. Batun harshe ma ba a hannun malami yake ba. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma yawancin yaran karkara har yanzu da baƙon harshe suke fara karatu. Sai dai Mushe bai nemi yafiya kan rumfa ko manhaja ba. Ya nema ne kan minti biyun da bai ba yaron bayan aji ba, wannan kuwa a hannunmu yake.

Don haka ina da roƙo biyu. Malaman da ke dab da ritaya, kafin ku tafi ku zauna da matasan malamai ƴan kwantaragi da littafin kiran suna a gabanku. Ku nuna musu yadda fashin kwana uku a jere yake zama fashin wata, da gidan da ya kamata a taka tun a kwana na ukun. Iyaye kuma, ko ba ku yi lakwal ba, ku sa yaro ya ɗora yatsa kan abin da yake karantawa, ku tsayar da shi a tsakiya ku ce ya ci gaba daga wani wuri. In ya rikice, ku zo mu yi magana tun yana aji biyu, kada ku jira aji shida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda Mushe ya rubuta wa saƙon ba za su iya karanta shi ba, sai dai a karanta musu. Allah ya ba shi lafiya a hutunsa, mu kuma ya sa ranar da za mu ajiye alli masu irin wannan bashi a kanmu ba su da yawa.