Kada Ka Biya Sai Sun Rubuta

Jama'a, ma'aikata da 'yan kasuwa, maza da mata, duk wanda ke da rancen banki a wuyansa, ku saurara! Ranar da Allah ya hore maka kuɗin sauke bashin kafin wa'adi, kada zumuɗi ya sa ka tura ko kwabo. Ka fara zuwa ka ce su rubuta maka adadin da zai rufe bashin baki ɗaya, a takardar banki mai sa hannu da hatimi. Adadin da kake gani a manhajar waya, ko wanda ma'aikaci ya faɗa maka da baki, sau da yawa ba shi ne na rufewa ba.

Ga misali. Malamin makaranta ya karɓi naira 600,000 a bankin bayar da ƙananan rance, zai biya a wata 12, ruwa kashi 4 cikin ɗari a kan uwar kuɗin duk wata. Ruwan wata ya kama 24,000, uwar kuɗi 50,000, wato ana cire masa 74,000. Ya biya wata shida, sai ya kwashi adashi. A lissafinsa saura 300,000, kuma ya yi daidai idan uwar kuɗi kawai ake magana. To amma kwana goma sun wuce da biyan ƙarshe, ruwansu ya kai 8,000. Idan yarjejeniyar ta sa tarar kashi 2 cikin ɗari ga mai biya da wuri, ga wata 6,000. Adadin rufewa ya zama 314,000. Wani mai ba da rancen kuma zai ce sai an biya ruwan watanni shidan da suka rage, ya nemi 444,000. Tsakanin waɗannan adadai biyu akwai naira 130,000, kuma abin da zai raba gardama shi ne takardar da malamin ya sa wa hannu ranar karɓar rancen.

Idan ya tura 300,000 bai ce wa kowa komai ba fa? Kuɗin na iya zama a asusunsa, banki ya riƙa cire 74,000 duk wata yadda ya saba. Bayan wata huɗu kuɗin sun ƙare, a zo masa da zancen saura 144,000, shi kuwa tuni ya shaida wa iyalinsa ya rabu da bashi. Wannan abin takaici ne, domin wasiƙa guda da ta hana shi.

Saboda haka ku rubuta wasiƙa, ku sa lambar rancen da ranar da kuke son biya, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku ce a fayyace muku uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Sannan ku nace a rubuta ranar da adadin zai daina aiki, domin ruwa na ƙaruwa kullum, adadin Litinin ba lallai ya rufe bashin ranar Juma'a ba. Lambar asusun da za a biya ma ta fito a takardar. Kada ku tura wa asusun wani ma'aikaci, komai kirkinsa.

Masu hulɗa da bankin da ba ya ruwa, har da ku. A murabaha an yanke farashi tun farko, biya da wuri ba ya rage ribar da kansa. Rangwamen da ake kira ibra'i banki ne ke ganin damar yinsa. In sun ce za su yi, su rubuta nawa ne.

Bayan biya kuma da sauran aiki. Ku karɓi takardar shaidar babu bashi a kanku, ku karɓo cek da takardun jingina, ku tabbatar an tsayar da cirewa daga albashi, an kuma sallami wanda ya tsaya muku. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗin bashin da aka gaza biya daga asusunka na wani banki. Ragowar da ba ka san da ita ba na iya biyo ka can, ta kuma ɓata sunanka a kamfanonin ajiye tarihin bashi irin su CRC.

In sun ƙi rubutawa, ku shigar da ƙorafi a rubuce a reshen, ku karɓi lambarsa. In ba a warware ba, ku kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Kada kunya ta hana ku. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sun sa ku sa hannu ranar da za ku karɓa, ku ma ku sa su sa hannu kafin ku biya!