"Biyu cikin ɗari kacal": tallar da na ƙi karantawa

Yau da abokan aikina na rediyo nike, kuma na san wasu za su ji haushi.

Satin da ya wuce an kawo mini wata sanarwa in karanta kafin labaran dare. Wani asusun bada bashi ne, ba zan faɗi suna ba. Ga abin da aka rubuta: "Bashi cikin sauƙi, kuɗin ruwa biyu cikin ɗari kacal, kowa ya zo ya samu." Na tambayi wanda ya kawo takardar, biyu cikin ɗari a wata ko a shekara? Ya ce a wata. Na ce to mu zamna mu yi lissahi.

Mu ce Hajiya mai tuyar ƙosai ta ɗauki jika 100, za ta biya cikin wata 10. Kowane wata tana maida jika 10 na uwar kuɗi, da jika 2 na ruwa. Ruwa ya kama jika 20 ke nan. Ga kuma jika 3 na buɗe dosiye da ake cirewa tun ranar farko, wanda sanarwar ba ta ambata ba ko kaɗan.

To ga inda wayon yake. A wata na farko jika 100 ake bin ta, jika 2 daidai ne. Amma a wata na goma jika 10 kawai suka rage a kanta, kuma har yanzu jika 2 take biya. Ana caje ta ruwan kuɗin da ta riga ta maida. In da bisa abin da ya rage ake lissahin biyu cikin ɗarin nan, ruwan duka jika 11 ne. In aka auna bashin Hajiya yadda doka ta ce a auna, a haɗa ruwa da kuɗin dosiye a maida su na shekara (shi ne TEG da kuke gani cikin kwantaragi), ya haura 40 cikin 100. A ƙasashen UEMOA kuwa, har da Nijar, iyakar da aka yanke wa irin waɗannan asusai 24 cikin 100 ce a shekara. Abin da ya wuce nan cin ruwa ne da doka ta hana. Kuma dole a rubuta TEG ɗin a takardar bashi.

Na ce masa zan karanta in an gyara. A faɗi cikakken sunan asusun, a nuna mini takardar izininsa daga ministan kuɗi, don ba a buɗe asusun ajiya da bashi sai da ita. A cire "kacal", a cire "kowa ya samu", tunda mun san sai an duba dosiye kuma ana ƙin wasu. Sannan a yi magana da jika, yadda mai saurare a Dakoro ko Matamai zai gane: in ka ɗauki jika 100 na wata 10, ga abin da za ka maida duka duka, har da kuɗin dosiye. Ya ce in aka faɗi haka ba wanda zai zo. Na ce to ka ga da bakinka ka faɗi aikin da "kacal" ke yi.

Wani abokina ya ce mini, kai mai karatu ne kawai, sun biya, ruwanka da lissahi? Na san halin da gidajen rediyonmu ke ciki. Kuɗin sanarwa ne ke sayen gazuwal ɗin janareto, da shi ake biyan albashi in an samu. Amma mai asusun ba takarda yake saye ba, muryata yake saye. Tsohuwar da ta shekara goma tana jin gaisuwata da sahe, in na ce "kacal" ba za ta ɗauko alƙalami ba. Ranar da aka zo ɗaukar mata kaya, sunana za ta tuna.

Mu ne kuma muke karanta "yana warkar da ciwon suga kwata-kwata", alhali likita zai gaya maka ciwon suga lallaɓa shi ake yi da magani da kiyaye abinci, kuma wanda ya aje maganinsa saboda tallarmu yana iya rasa ƙafa ko ido. Mu ne muke karanta "zuba jika 50 ka kwashi 100 cikin wata guda" ba mu tambayi wace sana'a ce ke haihuwar wannan riba ba.

Mutumin ya naɗe takardarsa ya tahi. Kwana biyu bayan haka na ji ta a wata tasha, da kiɗa a ƙarƙashi, ba a canza ko kalma ɗaya ba. Wanda ya karanta ta abokina ne, tare muka fara aikin nan.