Ɗan kasuwar Briqueterie da dilan Kano: kotun wace ƙasa za ta saurare su?

Cinikin atamfa da shadda tsakanin Kantin Kwari a Kano da shagunan unguwar Briqueterie a Yawunde ya daɗe yana tafiya a kan amana, in an samu saɓani manyan kasuwa su sasanta. Amma duk wanda ya fara hulɗa da kamfani ko banki ya san akan miƙo masa takarda ya sa hannu, kuma can ƙasa akwai layin da ke cewa kotun wuri kaza ce kaɗai za ta saurari duk rigimar da ta taso. Najeriya da Kamaru ba su karanta wannan layi iri ɗaya.

A ɗauki misali. Ɗan kasuwa a Briqueterie ya sayi shadda ta sefa miliyan 15 daga wani dila a Kano, aka rubuta cewa kotun Yawunde ce za ta yi hukunci. Kaya suka iso, mai saye ya ce ba irin da aka yi ciniki a kai ba ne, ya riƙe cikon kuɗi. Dilan ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Kano.

Alƙalin Kano ba lallai ne ya kori ƙarar ba. Najeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila, inda alƙali ke da ikon auna inda ya fi dacewa a yi shari'a, abin da lauyoyi ke kira da Latin forum non kombeniyens. Idan akwai sharaɗin kotu a rubuce, asali shi ne a dakatar da ƙarar, sai in mai ƙara ya kawo dalili mai ƙarfi. Alƙali zai duba inda shaidu da kaya suke, da dokar da ke hukunta cinikin, da ko mai ƙara zai cutu idan aka tura shi waje.

Shari'ar da kowa ke komawa gare ta ita ce ta kamfanin Sonnar da masu jirgin ruwa Nordwind, wadda Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a 1987. Shinkafa ce aka yi lodi daga Bankok zuwa Legas ba ta isa hannun masu ita ba, takardar lodin kuma ta ce a je ƙasar masu jirgin, wato Jamus. Kotun ta bar shari'ar a Najeriya, domin wa'adin shigar da ƙara a Jamus ya riga ya wuce, tura su can daidai yake da hana su haƙƙinsu. Sai dai a 2008, a shari'ar Nika Fishing da Lavina, kotun ta mutunta sharaɗin da ya ce a je Ajantina, saboda ba a kawo mata gamsasshen dalili ba.

Maganar wa'adi ta shafi dilanmu kai tsaye. Kamaru mamba ce ta OHADA, kamar Nijar da Chadi, kuma a dokarta ta kasuwanci ƙarar cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa tana faɗuwa bayan shekara 2. A wasu jihohin Najeriya shekara 6 ce. Dilan da ya shafe shekara 3 yana bin bashi ta waya, ya iske ƙofar Yawunde a rufe, zai kafa hujja da Sonnar. A ganina hujjar tana da rauni idan shi ya yi sakaci, amma alƙali ne ke aunawa.

A Yawunde lamarin daban ne. Tsarin da aka gada daga Faransa bai ba alƙali damar cewa wata kotu ta fi shi dacewa ba: ko dai doka ta ba shi hurumi, ko ba ta ba shi ba. Da takardar ta ce Kano, mai saye ya kai ƙara babbar kotun Mfoundi, wadda ke sauraren abin da ya haura sefa miliyan 10, dole lauyan dilan ya ƙalubalanci hurumin tun farko, kafin a shiga gundarin magana. In ya fara musun ingancin shadda, ana ɗauka ya yarda da kotun.

Ko dilan ya ci nasara a Kano, da sauran aiki, don shagon da kuɗin suna Yawunde. Sai ya nemi egzekwatur, wato izinin zartar da hukuncin waje, a ƙarƙashin dokar Kamaru ta 19 ga Afrilun 2007. Cikin abubuwan da alƙali zai fara dubawa akwai ko kotun da ta yanke hukuncin tana da hurumi, da ko an kira wanda ake ƙara yadda ya kamata. Nan mai saye zai fito da takardar da ke cewa Yawunde, kuma hukuncin Kano yana iya tsayawa a bakin iyaka.

Shi ya sa wasu lauyoyi ke ba da shawarar a rubuta sharaɗin alƙalancin masu shiga tsakani maimakon kotu. Najeriya ba ta cikin OHADA, amma ita da Kamaru duk sun shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta wajabta wa kotunansu zartar da irin wannan hukunci sai a 'yan dalilai ƙayyadaddu. Matsalarsa tsada: a cinikin miliyan 15, ladan masu shiga tsakani da na lauyoyi na iya cinye ribar kayan gaba ɗaya.