Filin da Ke Kan Takarda Ba Ya Fid da Gero

Sau da yawa za ka ji ana cewa Nijar ƙasa ce mai yalwar fili, kowa ya haihu ba zai rasa gonar ba ɗansa ba. Mai wannan magana yakan kafa hujja da lissafin cunkoson jama'a. To, bari mu duba yadda ake yin lissafin.

Hanyar mai sauƙi ce, ɗan firamare ma zai iya. Ana ɗaukar yawan mutanen wuri, a raba shi da faɗin ƙasar wurin. Ma'aunin shi ne murabba'in kilomita, wato fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya, daidai da hekta 100.

A ƙidayar 2012, mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 17, ƙasar kuma murabba'in kilomita 1,267,000 ce. Idan aka raba, za a sami mutum 13 ko 14 a kowane murabba'in kilomita. A takarda ke nan, kowa yana da sama da hekta 7.

Lissafin daidai ne, amma ya ɗauka mutane a baje suke ko'ina kamar shanyar hatsi. Jihar Agadas kaɗai ta cinye fiye da rabin ƙasar, da hamadar Tenere da duwatsun Azbin a cikinta, alhali mutanenta a lokacin ba su kai rabin miliyan ba. Ko mutum ɗaya bai cika ba a murabba'in kilomita, kuma su ɗin ma sun taru ne inda ruwa ko aiki yake, kamar birnin Agadas da Arlit. Cire jihar daga lissafin, nan take adadin ƙasar zai ninka ya koma wajen 28.

Sai ka gangaro Maraɗi. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 42,000 ba, amma a ƙidayar 2012 tana ɗauke da mutum miliyan 3.4, wato kusan 81 a kowane murabba'i. Hekta bakwai ɗin nan ta koma ɗaya da 'yan kai, kuma a ciki har da gidaje da hanyoyi da burtali da makiyaya. Shi ya sa gona ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado, kuma da wuya a bar ta ta huta.

Saboda haka, duk wanda ya kawo maka irin wannan adadi, yi masa tambaya biyu. Wane yanki aka auna, ƙasa ce dungurungum ko gundumarku? Sannan nawa ne daga filin ake iya nomawa ko zama a kai? Magidancin da ke tunanin abin da zai bar wa 'ya'yansa, amsar ta biyu ita ce tasa, domin rairayin Tenere ba ya shiga rabon gado.

Ku a garinku, gonar kaka ta kai ga jikoki kuwa?