Alƙalan gasar waƙa, a rage ƙirga baitoci



Duk lokacin gasar rera waƙa a makarantunmu, yaron da ya haddace baitoci masu yawa ake ba kofi. Ni a ganina wannan ma'auni ne ke koya wa yaranmu gaggawa.

Na ga yarinyar da ta haddace baiti 30 daga "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur. Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu ne, amsa-amonsa "ya". Yarinyar ta riƙa jan baiti biyu da numfashi ɗaya. Kafin ta kai na goma kafaɗunta na ɗagawa, tana haɗiye wannan "ya" ɗin, alhali shi kunne ke jira.

Da an ba ta baiti goma kawai, da ta fi haka. Malami ya sa mata alama a ƙarshen kowane ɗango, nan za ta shaƙi iska. Ta ɗora hannu a ciki: idan cikin ne ke tasowa, numfashin ya yi daidai. Sannan ta riƙa jan gaɓa mai nauyi yadda ya kamata, domin da ja ake bambanta garin tuwo da garin da muke zaune.

Wasu za su ce hadda ce ginshiƙi. Gaskiya ne, amma kada makinta ya wuce rabi. Sauran a ba kari, numfashi da fitar da ma'ana.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.