Talla Ta Faɗi Sunanta

Jama'a, kowa ya san bambancin shawarar aboki da zuga ta dillali. Dillali ya kan yabi doki, mai saye kuwa ya rage wani abu daga yabon, gama ya san akwai la'ada. To, a majigin wayar hannu wannan bambanci ya kan ɓace. Mutum ya ga wadda ya ke ƙauna tana yabon sabulu ko magani, ya ɗauka son abin ta ke yi, alhali kuwa biyanta aka yi. Dalilin da ya sa YouTube da Instagram su ka wajabta alama ke nan. Ba don kirki kaɗai ba ne: dokokin ƙasashe da yawa sun hana ɓoyayyiyar talla, kuma in 'yan kallo su ka daina yarda, kasuwar kamfanonin ce za ta mutu.

Ga misali daga Amirka. A watan Yuni 2021 ne Kim Kardashian ta yabi wani kuɗin intanet mai suna EthereumMax a Instagram, aka biya ta dala 250,000. Ta ma rubuta #AD, watau talla. Duk da haka, a watan Oktoba 2022 hukumar da ke kula da cinikin hannun jari ta kama ta da laifi, ta yarda ta biya dala miliyan 1 da dubu 260, ta kuma bar tallar irin wannan kuɗi har shekara 3. Ina laifin? Dokar ƙasarsu ta 1933 ta ce wanda ya tallata hannun jari lalle ya faɗi ko nawa aka ba shi. Ita ba ta faɗi ba.

A tallar kayan yau da kullum ba a tilasta faɗin adadi, amma dole a bayyana alaƙa. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kuɗi kaɗai ake nufi. A'a. Atamfar da aka aiko kyauta, da masaukin da aka biya, da la'adar da ke shigowa duk sa'ad da wani ya saya ta hanyarka, duka biya ne. Haka in kantin na ɗan'uwanka ne, ko kai ma'aikacinsu ne, sai ka faɗi.

A YouTube akwai gurbin da mai majigi zai cika, sai rubutun "Includes paid promotion" ya fito a farko. A Instagram kuwa "Paid partnership" ne. Amma a ganina wannan bai wadatar da mu ba. Mai kallo a Gusau ko Azare wanda bai yi Turanci ba, me wannan rubutu ya gaya masa? In da Hausa aka yi yabon, to, da Hausa ya kamata a ce an biya, da baki, tun kafin a ɗaga kwalbar a nuna.