Ɗanka Ya Gama Sakandare? Ka Fara Tunanin Keke Kafin Waya

Da zarar an kammala jarrabawar WAEC da NECO, sai iyaye da kawunnai su shiga shawarar abin da za a ba yaro na tukuici. Yawanci maganar tana ƙarewa ne a kan babbar waya, ko shadda mai tsada, ko walima. Ni dai a ganina, a nan Maiduguri babu kyautar da ta kai keke amfani ga matashin da ya fito daga makaranta.

Dalilina na farko yanayin garinmu ne. Tun shekarar 2011 aka hana hawa babur a cikin Maiduguri saboda matsalar tsaro. Abin da ya rage wa talaka shi ne Keke Napep, ko ƙafa, ko keken hawa. Ga shi kuma garin shimfiɗaɗɗe ne, babu tudun da zai sa mai keke ya sauka ya tura.

Na biyu, watannin da ke tsakanin gama jarrabawa da samun gurbi a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat su ne mafi haɗari ga yaro. Ba ya makaranta, ba ya aiki, kuma duk inda zai je sai ya miƙa hannu an ba shi kuɗin mota. Wanda kullum yake jiran a ba shi, da wuya ya koyi tsayawa da ƙafarsa.

Bari in ba da misali da ɗan ƙanena. Suna zaune a Bulunkutu, aka samar masa wurin koyon gyaran waya a kusa da Kasuwar Monday. Mu ɗauka kuɗin Napep naira 300 ne zuwa, 300 dawowa. Kwana shida a mako ya kama 3,600, a mako huɗu 14,400, a wata shida kuwa ya haura 86,000. Kowa ya sa kuɗin da ake biya daga unguwarsu, ya kwatanta da farashin keke na hannu. Da muka yi wannan lissafi, sai muka haɗa kuɗi mu uku muka saya masa. Ran da mahaifinsa ba shi da ko sisi, yaron yana zuwa aiki.

Sai dai sayen keke na hannu yana son ido. Ku tafi da yaron, domin tsayinsa ne ma'auni: idan ya zauna a sirdi, feda tana ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai. A ɗaga keken a juya taya. In tana rawa hagu da dama, ƙarfenta ya karkace, kuma birki ba zai kama daidai ba. A duba mahaɗar ƙarafunan jikinsa, domin sabon fenti a wuri ɗaya yakan ɓoye tsaga ko walda. Kada a ruɗu da mai giya da yawa. Ƙurar garin nan takan cinye irin waɗannan, kuma mai giya ɗaya ya fi sauƙin gyara a kowace unguwa.

A ware ɗan canji don kwaɗo da sarƙa mai kauri, da famfo, da kayan faci, da fitila. A karɓi rasit a ajiye, saboda keken sata ma yana shiga kasuwa. Daga nan sai a yi yarjejeniya: mu mun saya, gyara kuwa naka ne, kuma ka kasance a gida kafin magariba. A nan tarbiyyar take.

Na san za a ce yanzu komai da waya ake yi, har duba sakamakon JAMB. Haka ne, amma ƙaramar waya tana biyan wannan bukata. Babbar waya kullum data take nema, kuma aljihun uba za ta dawo. Keke kuwa rage wa uba nauyi yake yi.

Za a kuma ce ina 'yan mata, tunda ba kowane gida ne zai yarda budurwa ta hau keke a titi ba? Ma'aunin ɗaya ne: a ba ta abin da zai rage mata miƙa hannu. Keken ɗinki na ƙafa, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta, tare da biyan kuɗin koyo a wurin tela ta kusa da gida, ya cika wannan sharaɗi.

Kafin ku je kasuwa, ku zaunar da yaron ku tambaye shi inda yake son ya riƙa zuwa kowace safiya. Idan yana da amsa, ku saya masa abin da zai kai shi. Idan ba shi da ita, a fara nema masa wurin zuwan tukuna. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.